Gazawar Gidan Ƙwai Kafin Shekara 40: Musabbabi, Hanyar Ganewa da Zaɓin da Ke Gaban Mace

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalar matan da al'adarsu ke ɗaukewa kafin su cika shekara 40 saboda gidan ƙwansu ya gaza. Ta bayyana yadda ake rarrabe wannan lalura da sauran abubuwan da ke tsayar da al'ada, ta kawo musabbaban da aka tabbatar, sannan ta bi misalin mace guda daga ƙorafinta na farko har zuwa magani. Hujjar maƙalar ita ce, muna kallon lalurar a matsayin rashin haihuwa kawai, alhali babbar illarta tana kan ƙashi da zuciya, kuma wannan ɓangaren ne ke da magani mai sauƙin samu.

Gabatarwa



Tun jaririya tana cikin mahaifiyarta ake ajiye mata duk ƙwan da za ta yi amfani da shi a rayuwa. A mako na 20 na ciki adadin yana kaiwa miliyan 6 zuwa 7. Ranar haihuwa ya ragu zuwa miliyan 1 ko 2, lokacin balaga kuma saura kamar 300,000 zuwa 400,000. Ba a ƙara ko ɗaya bayan haka. Idan ya rage kamar 1,000, al'ada ta ɗauke, yawanci a wajen shekara 50. A wasu matan wannan ajiya tana ƙarewa da wuri, a wasu kuma ƙwan yana nan amma ya daina amsa umarnin jiki. Likitan Amurka Fuller Albright ne ya fara siffanta lalurar a 1942.

Alƙaluman da aka daɗe ana kafa hujja da su, daga wani nazari da aka yi a Minnesota aka buga a 1986, sun ce mace 1 cikin 100 ce ke shiga wannan hali kafin 40, kuma 1 cikin 1,000 kafin 30. Ƙiyasin baya-bayan nan da ya tattaro ƙasashe da dama ya ɗaga adadin zuwa kusan kashi 3.5 cikin 100. Ko da ƙaramin adadin muka ɗauka, duk wanda ke duba mata a asibiti ya riga ya ga irin waɗannan marasa lafiya, ko ya gane su ko bai gane su ba.

Abin da ke faruwa a jiki

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta, fituwitari, wadda ke sakin sinadarin da takardar gwaji ke rubutawa FSH. Aikinsa shi ne ya umarci gidan ƙwai ya nunar da ƙwai ya kuma fitar da istirojin. Idan istirojin ya wadata a jini, fituwitari sai ta sassauta. Idan gidan ƙwai ya yi shiru, sai ta ƙara sako FSH, kamar mai sallama a ƙofar gida da ke ɗaga murya don ba a amsa masa ba. Saboda haka hoton lalurar a jini shi ne FSH a sama, istirojin a ƙasa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin ganewar, domin kusan duk sauran abubuwan da ke tsayar da al'ada ba sa ɗaga FSH.

Akwai bambanci guda tsakanin wannan da ɗaukewar al'ada ta manyanta, kuma yana da nauyi wajen abin da za a faɗa wa mace. Gidan ƙwan da ya gaza da wuri yakan farfaɗo jefi-jefi. Al'ada kan dawo wata biyu ta sake ɓacewa, kuma tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗannan mata suna samun ciki da kansu bayan an tabbatar musu da lalurar. Wanda ya ce wa 'yar shekara 28 "kin gama haihuwa har abada" ya faɗi abin da ba shi da tabbas a kai. Wanda kuma ya ce mata "sha wannan za ki samu" ya yi mata alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Misalin da za mu bi

Mu ƙaddara mace mai shekara 29, irin wadda kowannenmu zai iya gani gobe da safe. Tana da ɗa guda mai shekara 6. Ta yaye shi yana da shekara 2, al'ada ta dawo daidai. Tana shekara 27 sai al'adar ta fara tsallake wata, yau ta zo gobe babu, yanzu kuma wata 7 ke nan ba ta ga komai ba. Da dare zufa ke tayar da ita har ta canza riga, ga wani zafi da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ga bushewar gaba da ta sa kwanciyar aure ta zama azaba. An yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro fiye da sau ɗaya saboda zufar. A gida an ce kwantaccen ciki ne, a yi haƙuri zai tashi. Mai kemis ya ba ta ƙwayar kawo al'ada, jini ya ɗan zo, kowa ya ce ai ga shi lafiya lau. Daga baya wani ya rubuta mata kulomifin har zagaye uku.

Batun kwantaccen ciki ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ƙasar Hausa shi ne fassarar farko da ake yi wa al'adar da ta ɗauke ga matar aure. Fassara ce mai daɗin ji, tana kare mace daga gorin dangin miji, kuma tana jinkirta maganar kishiya. Illarta ita ce takan cinye shekara biyu ko uku kafin a je asibiti. Ba na ganin amfanin likita ya tsaya jayayya da uwar miji a kan wannan. Gwajin ciki na fitsari da hoton mahaifa, a nuna wa matar da mijinta allon su gani da idonsu, sun fi dogon bayani tasiri.

Matakin farko ke nan, kuma ba a tsallake shi ko mace ta rantse: gwajin ciki. Bayansa sai tambayoyi. Tana shayarwa? Ta yi allurar tazarar haihuwa ta wata uku, wadda kan ɗauke al'ada har watanni bayan an daina? Nono yana fitar da ruwa ba tare da goyo ba? An taɓa yi mata wankin ciki? Ta zubar da jini mai yawa a haihuwar ƙarshe?

Tambayoyi biyu na ƙarshe su ne suka fi muhimmanci a wurinmu, saboda yawan haihuwa a gida da yawan ɓari. Macen da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, nono ya ƙi kawo ruwa, gashin hammata ya zube, kasala ta kama ta, al'ada ba ta sake dawowa ba, wannan fituwitarinta ce ta lalace, wato cutar Sheehan. FSH ɗinta zai fito ƙasa ko daidai, kuma tana buƙatar maganin da ya wuce istirojin, domin rayuwarta na cikin haɗari. Wadda kuma al'adarta ta tsaya bayan wankin ciki, ba zufa ba bushewa, wataƙila ma tana jin ciwon mara duk wata, bangon mahaifarta ne ya manne, cutar Asherman, kuma sinadaranta lafiya lau suke. Tarin fuka da ya kama mahaifa ma yana yin haka. Gwajin furolaktin da na TSH kuma suna fitar da matsalar sinadarin nono da ta maƙoshi.

Ma'aunin tabbatarwa

Ƙa'idar ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, ta 2016 ta gindaya sharaɗi biyu ga mace 'yar ƙasa da 40: al'ada ta ɗauke ko ta rikice na aƙalla wata 4, sannan FSH ya haura 25 IU/L a gwaji biyu da ke da tazarar fiye da mako 4. Sabuwar ƙa'idar 2024 ta sassauta, ta ce gwaji ɗaya ya isa idan hoton a bayyane yake, a maimaita bayan mako 4 zuwa 6 idan akwai shakka. Ga mara lafiyar da ke biyan kowane gwaji daga aljihunta, wannan sauƙi ne na gaske. Duk da haka, idan sakamakon ya tsaya kusa da iyaka, ni ina ganin a maimaita, domin labarin da za a ba ta ba ƙarami ba ne.

A misalinmu, gwajin ciki ya nuna babu, furolaktin da TSH daidai, FSH ya fito 68, istiradayol a ƙasa sosai. Bayan mako 5 aka maimaita, ya fito 54. Hoto ya nuna mahaifa babu komai a ciki, shimfiɗarta ta yi siriri kamar milimita 3, gidajen ƙwai biyu ƙanana. Magana ta tabbata.

Tarko biyu ke kama mu a nan. Na farko shi ne ƙwayar kawo al'ada. An daɗe ana koyar da cewa idan aka ba mace furojestin ta yi jini, to istirojin ɗinta lafiya. Amma kusan rabin matan da ke da wannan lalura suna yin jini idan aka ba su, saboda farfaɗowar nan ta jefi-jefi. Jinin da ta gani bayan ƙwayar mai kemis bai wanke gidan ƙwai ba, jinkiri kawai ya ƙara. Na biyu shi ne auna FSH alhali mace tana shan ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin. Ƙwayar tana danne FSH, sakamako ya fito kamar lafiya. Sai an dakatar da ita na wasu makonni kafin a ɗebi jini. Gwajin AMH kuwa, wanda ya yi tashe a asibitocin haihuwa masu zaman kansu, yana nuna yawan ƙwan da ya rage, amma ba shi ne ma'aunin tabbatar da wannan lalura ba, ga shi da tsada.

Me ya jawo?

A mafi yawan matan da abin ya zo musu haka kawai, duk binciken da za a yi ba a gano dalili. Wannan ba hujjar ƙin nema ba ce, domin dalilan da ake ganowa suna canza abin da za a yi wa matar, wani lokaci har da danginta.

Kamar kashi 10 zuwa 12 cikin 100 suna da matsala a kiromosom, mafi yawa a kiromosom X. Sananniyar ita ce cutar Turner, inda mace ke da X ɗaya maimakon biyu, kuma tana samun kamar 1 cikin jarirai mata 2,500. Gajeriyar yarinya 'yar shekara 16 da ba ta fara al'ada ba, nono bai fito ba, ita ce za ta sa a yi wannan tunani, kuma dole a duba zuciyarta da babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Idan kuma gwajin kiromosom ya nuna ɓurɓushin kiromosom Y, ana cire gidajen ƙwan saboda haɗarin ciwon daji.

Sai ƙwayar gado mai suna FMR1. A cikinta akwai wani yanki da ke maimaita kansa. Idan maimaicin ya kai 55 zuwa 200, kamar kashi 20 cikin 100 na matan da ke ɗauke da shi gidan ƙwansu yana gazawa da wuri. Idan ya haura 200 a wajen ɗan da aka haifa, musamman namiji, yana jawo taɓuwar basira. A nan ne tambayar dangi ke biyan kuɗinta. Da aka tambayi matar misalinmu, ta ce yayarta ma al'ada ta ɗauke mata tana wajen 35, kuma ɗan yayar bai iya karatu ba, magana ma da ƙyar ya fara. Wannan ya isa a nemi gwajin, ko da sai an aika jinin wani gari, domin ƙannenta mata da ba su yi aure ba suna da haƙƙin sani tun suna da sauran ƙwai.

Garkuwar jiki ma kan juya ta yaƙi gidan ƙwai, sau da yawa tare da maƙoshi ko 'yar halittar da ke saman ƙoda. Kamar kashi 4 cikin 100 na waɗanda abin ya zo musu haka kawai suna da alamar wannan yaƙi a kan halittar saman ƙoda, kuma suna iya faɗawa cutar Addison, wadda ke kisa idan ba a gane ta ba. Inda ba a samun gwajin garkuwar, a buɗe ido: rama, jiri idan an miƙe, kwaɗayin gishiri, da duhun da ke bayyana a dasashi da layukan tafin hannu.

Rukunin da ke ƙaruwa shi ne wanda magani ya jawo. Magungunan daji irin su sayikulofosfamaid suna kashe ƙwai, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekarun mace da yawan maganin. Gashin daji a ƙugu ya fi su ɓarna, domin abin da bai kai Gy 2 ba ya isa ya halaka rabin ƙwan mace. Busulfan da ake bayarwa kafin dashen ɓargo, wanda iyalan masu sikila ke ƙara nema, yana gazar da gidan ƙwai a mafi yawan 'yan matan da aka ba. Sai kuma wuƙarmu ta tiyata. Duk ƙullutun da aka yanke daga gidan ƙwai yana tafiya da wani ɓangare na lafiyayyen nama, kuma yawancin ƙananan ƙullutan ruwa da hoto ke nunawa a mace mai al'ada suna bajewa da kansu cikin wata biyu ko uku. Cire gidan ƙwan 'yar shekara 25 a kan irin wannan ƙullutu ɓarna ce.

Maganin da ake sakaci da shi

Matar misalinmu ta zo ne don ciki, amma abin da ya fi gaggawa shi ne shekara 21 da ke gabanta ba tare da istirojin ba. Rashinsa yana zaizaye ƙashi, ya kai ga karayar ƙugu da ta gadon baya, yana kuma kawo ciwon zuciya da wuri. Maganin shi ne a mayar mata da abin da jikinta ya daina yi, har ta kai wajen shekara 50 ko 51, ko tana jin zufa ko ba ta ji.

Abin da aka saba bayarwa shi ne istiradayol miligiram 2 a baki kullum, ko filastar fata mai sakin mikirogiram 100 a rana. Muddin mahaifa tana nan, dole a haɗa da furojestin, misali medurokisifurojestaron miligiram 10 na kwana 12 a kowane wata, ko furojestaron miligiram 200 na kwanakin nan. Istirojin shi kaɗai yana kaurara shimfiɗar mahaifa har ya kai ga daji, kuma wannan kuskure ne da ake yi idan mace ta sayi rabin takardar magani saboda kuɗi bai kai ba. A gaya mata a fili cewa su biyun ba sa rabuwa. Mai sikila, mai ƙiba sosai, da mai ciwon ɓarin kai sun fi dacewa da filasta, domin ta fi ƙwayar baki ƙarancin haɗarin daskarewar jini. Wadda ta yi dajin nono ba a ba ta wannan magani.

Inda babu waɗannan, ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu tana tsayawa a madadinsu, kuma ana samunta kusan ko'ina da araha. Gara a sha ta a jere ba tare da hutun mako ba, don kada jiki ya zauna kwana 7 a kowane wata babu istirojin. Sai dai ga wadda ke fatan ciki ba ita ce zaɓi ba, tunda za ta toshe 'yar damar da ta rage. Maganin mayar da sinadari kuwa ba ya hana ciki. Wannan albishir ne ga matar misalinmu, gargaɗi ne kuma ga wadda ba ta son ƙarin haihuwa. Duk wadda jinin wata ya ƙi zuwa tana kan magani, ta yi gwajin ciki.

Tsoron da ke hana likitoci rubuta istirojin ya samo asali ne daga babban nazarin Amurka da aka buga a 2002, wanda ya danganta maganin da dajin nono da ciwon zuciya. Matsakaicin shekarun matan wannan nazari 63 ne. Ba daidai ba ne a ɗauki sakamakonsu a ɗora wa 'yar shekara 29 wadda ake cike mata giɓin abin da tsararrakinta ke da shi a jikinsu. Ban da magani, tana buƙatar kalsiyam daga nono, kindirmo da ƙananan kifi, da bitamin D, musamman idan ba ta cika shiga rana ba, da tafiyar ƙafa, da awon ƙarfin ƙashi inda akwai na'urar.

Maganar haihuwa

Kulomifin yana aiki ne ta hanyar sa fituwitari ta ƙara FSH. Macen da FSH ɗinta ya riga ya kai 68 ba ƙari take buƙata ba, don haka zagaye ukun da aka yi mata asarar kuɗi ne da lokaci. Babu wani magani da aka tabbatar yana ƙara yawan samun ciki da ƙwan mace na kanta a wannan lalura. Allurar ruwan jini a gidan ƙwai da dashen ƙwayoyin asali, waɗanda ake tallatawa da kuɗi masu yawa, har yanzu gwaji ne.

Hanyar da ta fi nasara a likitance ita ce karɓar ƙwan wata mace. A nan addini ya shigo, kuma bai kamata likita ya yi kamar bai sani ba. Malaman Sunna, tun daga fatawar Azhar ta 1980, sun halatta haɗa ƙwai da maniyyi a waje tsakanin miji da matarsa, suka haramta shigowar ƙwai ko maniyyin wani na uku. A Iran, fatawar Ayatullahi Khamenei ta 1999 ta buɗe ƙofar karɓar ƙwai da sharuɗɗa. Ga mafi yawan marasa lafiyarmu Musulmi ke nan ƙofar a rufe take, amma Kirista ko wadda ta zaɓi hakan tana da haƙƙin a gaya mata akwai ta. Riƙon ɗan 'yan'uwa kuwa al'ada ce da muke da ita tun tuni, kuma ya cancanci a ambace shi a ɗakin likita da mutunci.

Inda za a iya yin abu sosai shi ne kafin ɓarnar ta auku. Macen da za a fara wa maganin daji ana iya daskarar da ƙwanta, ko ɗan tayi idan tana da aure, cikin kamar mako 2. Yarinyar da ba ta balaga ba ana iya yankar naman gidan ƙwanta a adana. An haifi jariri na farko ta hanyar adana naman gidan ƙwai a Brussels a 2004, kuma a 2015 likitocin Beljiyam suka ba da rahoton wata mai sikila da aka adana mata naman tana shekara 13 kafin dashen ɓargo, aka mayar mata da shi bayan ta girma, ta haihu. Allurar goserelin lokacin maganin dajin nono ma tana taimakawa: a wani nazari da aka buga a 2015, gazawar gidan ƙwai ta sauka daga kashi 22 zuwa kashi 8 cikin 100.

Yadda ake faɗa mata

Ba a tsaye ake ba da wannan labari ba, ba kuma ta bakin mai miƙa takardar gwaji ba. A zaunar da ita, a tambaye ta ko tana son mijinta ya shigo, kuma ita ce za ta yanke, domin ta fi mu sanin abin da labarin zai haifar a gidanta. A gaya wa mijin, idan ya shigo, cewa ba wani abu ta sha ba, ba tazarar haihuwa ce ta jawo ba, kuma bushewar da ke sa ta gudun shimfiɗa tana da magani, har da man istirojin na shafawa a gaba. A sa mata ranar dawowa nan da wata 3, domin rabin abin da aka faɗa a zaman farko ba za ta riƙe shi ba.

Roƙona ga abokan aiki, musamman ungozomomi da jami'an lafiya na ƙananan asibitoci waɗanda su ne ke fara ganin waɗannan mata: duk 'yar ƙasa da shekara 40 da ta yi wata 4 babu al'ada, ba ciki, ba goyo, ba allura, kada a sallame ta da ƙwayar kawo jini. A aika ta gwajin FSH.